Sati na bakwai: na daina aron shimfiɗar wasu

'Yan'uwa masu koyon katin tarot, satin nan na ajiye shimfiɗar nan mai kati 10 ta cikin ɗan littafin da ke zuwa da kwalin, don gaskiya tana ba ni surutu ne kawai, tambaya ɗaya amma amsa ta kai har gun aure da ba wanda ya tambaya.

Ƙanwata ce ta jawo. D7 ta samu a lissafi a WASSCE, jami'a kuma C6 take so aƙalla, to ko ta koma rimediyal ta sake rubutawa a Nofdek, jarrabawar ƙarshen shekara, ko ta tafi koyon ɗinki gun wata madam a unguwar Asawase cikin Kumasi. Ta ce Yaya duba min ko zan ci, na ce wannan sanin Allah ne, ni ba boka ba ce, hoto kawai za mu kalla mu yi tunani.

Kafin in taɓa katin sai da na rubuta gurabe a takarda. Idan ka fara jan kati kafin ka sa wa gurbi suna, wallahi kai da kanka za ka lanƙwasa ma'anar ta koma yadda ranka ke so. Biyar na yi: hagu biyu na rimediyal, abin da zai ci mata da abin da zai bar mata a hannu, dama biyu na ɗinki da tambayoyin nan sak, sai ɗaya a tsakiya, abin da take gudun faɗa. Dole gefen biyu su zo daidai, in ka ba ɗaya gurbi uku ɗaya biyu ka riga ka yanke hukunci.

Da farko shida ne ma, akwai "tsoronta" akwai "abin da ke tare mata hanya". Na musanya katunan gurbin biyu na ga karatun bai canja ba ko kaɗan, ashe tambaya ɗaya na yi sau biyu, sai na soke ɗaya, wanda ya rage ya zama na tsakiya.

A gurbin abin da rimediyal zai ci mata, goma na sanduna ya fito, mutumin nan da ya rungumo itace har ba ya ganin gabansa. Muka lissafa: kuɗin kilas, kuɗin rajista, kuɗin motar torotoro kullum daga Aboabo, ga taya Mama saida waake da safe. A abin da ɗinki zai bar mata, takwas na sulalla, mai sana'a zaune a benci yana sassaƙa ɗaya bayan ɗaya, wannan ko fassara bai buƙata.

Na tsakiyan ne ya ba ni wahala. Biyu na takubba, mace an ɗaure mata ido. Ƙanwata ta yi shiru can ta ce tun fom tu ba ta gane aljebra ba, kunya ta hana ta faɗa. Gurbin abin da rimediyal zai bar mata kuwa har yanzu ban gamsu da sunansa ba, ya yi kama da "za ta ci ko ba za ta ci ba" da na ce ba na so, sati mai zuwa zan gwada "me za ta koya ko da ba ta ci ba".