Yunusa 1:5 ta warware mini: wayyiƙtol ba kullum ne "sai suka" ba

'Yan'uwa abokan karatun Ibrananci, yau dai aya ta biyar a sura ta farko ta littafin Yunusa ta sake ni, kuma ina cike da murna, shi ya sa na zauna in rubuta muku tun abin bai huce ba.

Duk mun fara da dokar nan da aka koya mana: idan harafin wau ya hau kan siffar fi'ilin da ake kira yiƙtol suka zama wayyiƙtol, yana juya shi daga mai zuwa ya koma shuɗaɗɗe. Malaman nahawun Yahudawa na da ma "wau mai juyawa" suke ce masa. Dokar tana kai mutum wani wuri, amma ni ta daɗe tana ba ni haushi, don ba ta amsa tambayar da ke cina ba. Ta yaya harafi guda mai ma'anar "da" zai kifar da lokaci? Kuma in juyawa kawai yake yi, me ya sa fi'ilin kansa yake gajarcewa? Yaƙum ya koma wayyaƙom, yihye ya koma wayhi, yibne ya koma wayyiben. Wau bai ci wasalin nan ba. Da ma can fi'ili biyu ne daban, ɗaya dogo ɗaya gajere, sai dai a yawancin kalmomi kamanninsu sun haɗe har ba a iya rabe su, galibi a fi'ilai masu rauni irin waɗannan ne bambancin ya tsira.

Gajeren tsohon shuɗaɗɗen lokaci ne na harsunan Samawa, wato dangin Ibrananci da Larabci. A Akkadiyanci shi ne iprus, wanda ake ba da labarin abin da ya faru da shi. Mu da muka zauna gaban malam da allo ma mun san shi, ba mu dai san ɗan'uwansa ba ne: lam yaktub, "bai rubuta ba". Siffar mudari'i ce mai jazma, amma ma'anarta abin da ya wuce. Larabci ya adana tsohon fi'ilin a bayan lam, Ibrananci ya adana shi a bayan wa mai fataha da shadda. Kuma kamar yadda gajeren nan yake zama umarni a Larabci, liyaktub, haka yake a Farawa 1:3, inda yehi or ke nufin "haske ya kasance", nan take kuma wayhi or ke nufin "sai haske ya kasance". Ba kuma salon marubutan Attaura kaɗai ba ne. Dutsen Mesha sarkin Mowab, na wajen shekara ta 840 kafin haihuwar Almasihu, da irin wannan fi'ili yake jera yaƙe-yaƙensa. Daga baya, a Ibranancin Mishna, ya ɓace.

To, da ƙatal, wato ɗaya siffar fi'ilin, ya zo ya karɓe aikin faɗin abin da ya wuce a ko'ina, sai tsohon ya rage galibi a wuri ɗaya, wato farkon jimla, manne da wau, yana tura labari gaba. Dalilin da ya sa labari ke cike da shi ke nan. Dubi Yunusa 1:3: wayyaƙom, wayyered, wayyimtsa, wayyitten, wayyered. Ya tashi, ya gangara Yafa, ya sami jirgi, ya biya kuɗinsa, ya shiga ciki. Kowane fi'ili na taka bayan na gabansa.

A nan Hausa ta yi mana gata. Muna da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, "sun tafi" da "suka tafi", kuma duk mai ba da labari da na biyun yake jera abubuwa: suka tashi, suka shirya, suka kama hanya. Matsalar ita ce a rubutu "ya" ɗin biyu iri ɗaya ne, tsawon wasali ne ya raba su a baki. Don haka dabarar da nake yi ita ce in mai da Yunusa jam'i a zuciyata. In kunnena ya ce "suka", to labari na tafiya gaba. In ya ce "sun", to an tsaya ana bayani ko an waiwaya baya. A aya ta uku "suka" ne tun daga farko har ƙarshe. Har korewa ma ta yi daidai. A aya ta 13 matuƙan suna ta tuƙi don su koma gaɓa, wayyahteru, sannan welo yakolu. Da lo, wato kalmar korewa, ya shiga tsakanin wau da fi'ili, sai wayyiƙtol ya faɗi, ƙatal ya hau. Mu ma ba mu cewa "ba suka iya ba", sai "ba su iya ba". Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Sai aya ta biyar ta tare mini hanya.

Rabin farko lafiya lau: wayyir'u hammallahim, wayyiz'aƙu, wayyatilu. Matuƙan suka tsorata, kowa ya yi kuka ga abin bautarsa, suka zubar da kayan jirgin cikin teku. Daga nan sai jimlar ta sauya: weyona yarad el yarkete hassefina wayyishkab wayyeradam. Suna ya riga fi'ili, fi'ilin kuma ƙatal ne, yarad. Wannan na gane, sarƙa ta tsinke. Abin da ya hana ni sakat shi ne fi'ilai biyun da suka biyo baya, don su cikakkun wayyiƙtol ne, ga fataha ga shadda. In na bi dabarata sai in rubuta, "Sai Yunusa ya sauka can ƙasan jirgi, sai ya kwanta, sai barci ya kwashe shi", bayan an gama zubar da kaya. Ma'ana mutum ya tsaya yana kallon jirgi na neman farfashewa, ana ihu, ana jifa da kaya, sannan ya gangara ya yi barci mai nauyi. Na karanta wannan fassara da ƙarfi, na sake karantawa, kunnena ya ƙi ta. Na cire "sai", bai gyaru ba. Na bar ta na wuce aya ta shida, sai na tarar shugaban matuƙa yana tashin mai barci, abin ya sake dawo da ni baya. Haushi ya kama ni sosai, don nahawun na gabana a fili, amma Hausar ta ƙi zama.

Abin da ya warware shi shi ne na daina tambayar wane lokaci wayyiƙtol yake nufi, na koma tambayar bayan wa yake tafiya. Shi bin sahu yake yi. Yana cewa "wannan ya biyo bayan wancan", wancan ɗin kuwa shi ne fi'ilin da ya buɗe sahun. Wayyishkab da wayyeradam ba bayan wayyatilu suke ba, bayan yarad suke. In yarad ya waiwaya baya, to su ma sun bi shi can. Da na gwada da jam'i sai na ji "sun riga sun sauka, sun kwanta, barci ya kwashe su". Ba "suka" ko ɗaya. Ga yadda na rubuta a ƙarshe: "Yunusa kuwa ya riga ya sauka can ƙuryar jirgin, ya kwanta, barci mai nauyi ya kwashe shi." Kalmar "kuwa" ta ɗauki nauyin sunan da aka gabatar, "ya riga" ta ɗauki waiwayen, sauran biyun suka bi ba tare da "sai" ba.

Amma ku yi hattara, suna a gaba da ƙatal a baya ba kullum yake nufin "ya riga" ba. Aya ta huɗu ma haka take: wa'Adonai hetil ruwah gedola. A nan ba waiwaye aka yi ba, iskar ta zo ne bayan Yunusa ya shiga jirgi. Marubucin ya tsinke sarƙar ne don ya shigo da wani mai aiki, ya sa shi gaba da gaba da mai gudu: "Ubangiji kuwa ya jefo babbar iska a kan teku." Siffa ɗaya, aiki biyu. Akwai masu karanta aya ta biyar ma haka, wato a daidai lokacin da matuƙa ke kuka shi yana gangarawa, don a nuna bambancin halinsu. Nahawu bai hana wannan ba. Ni dai na zaɓi "ya riga" saboda barcin da ake faɗa mai nauyi ne, kuma shugaban matuƙa ya tarar da shi cikinsa. Siffar fi'ili tana gaya maka an tsaya, labarin ne ke gaya maka dalilin tsayawar.

Wani abu da ya ci mini kuɗi: takardun da na ɗauko hoto a wani shago, ɗigon shadda duk ya narke cikin baƙin tawada, fataha da alamar gajeren wasalin da ake kira shewa kuma sun zama kamar abu ɗaya. Dole na sake buga surorin huɗu da manyan haruffa, kuɗin ya yi mini zafi, amma babu makawa. A aya ta 11 matuƙa suna tambaya me za su yi masa weyishtoƙ hayyam. Wau ɗin da shewa yake, yod kuma ba shadda, don haka ba labari ba ne, manufa ce: "don teku ta lafa mana". Da wa ne mai shadda, da ma'anar ta zama "sai teku ta lafa", alhali ba ta lafa ba sai a aya ta 15, inda aka ce wayya'amod hayyam. A takarda mai dishi-dishi ba za ka taɓa rabe su ba.

Na leƙa sura ta uku don in gwada weƙatal, wato wau a kan ƙatal, kuma na sami misali mai daɗi. A aya ta tara sarkin Nineba yana fata: yashub weniham, "wataƙila Allah ya juyo ya ji tausayi". Weniham ƙatal ne, amma yana bin sahun yashub, don haka abin bai faru ba tukuna. A aya ta goma tushen nan ya dawo a wayyinnahem, "sai Allah ya ji tausayi", yanzu kam ya faru. Ayar ta rufe da welo asa, "bai kuwa aikata ba", lo ya sake kawo ƙatal.

Niyyata ita ce in gama sura ta farko in tsallaka ta uku, in bar addu'ar cikin kifi sai na ƙara ƙarfi, amma ido ya riga ya faɗa kanta. A 2:4 bisa lissafin Ibrananci, wattashlikeni, "ka jefa ni", yana nan daidai, sai kuma wenahar yesobebeni ya biyo baya, yiƙtol tsirara ba wau a kansa, a tsakiyar maganar abin da ya wuce. Na rubuta "igiyar ruwa tana kewaye ni" da fensir tukuna. Duk wanda ya riga ni shiga wannan sura a cikinku, ina so in ji ko "tana kewaye" ya sa ko "ta kewaye", da kuma dalilinsa.