Bidiyon Layya da Na Yi wa Maƙwabtanmu a Gadarif

Kwana uku kafin Babbar Sallah na tarar da ɗan ƙanwata a bakin turke, ya kafa waya a kan buhun dawa yana gwajin jawabi, ragon layya na ɗaure a bayansa. Ya ce abokansa Habashawa da suke ƙwallo tare ne suka tambaye shi dalilin da ya sa kowane gida ke yanka a rana ɗaya, shi ne zai yi musu ɗan bidiyo. Na saurara, sai na ji ya buɗe da cewa zai gyara wani kuskure da aka daɗe ana yi game da ɗan Annabi Ibrahim. Gabana ya faɗi, domin da irin wannan jimla na buɗe nawa a 2019.

A shekarar, a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, Sallah ta kama ranar Lahadi, 11 ga Agusta, cikin tsakiyar damina. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wata dattijuwa Bahabashiya mai sayar da gahawa, Kirista 'yar cocin Otodoks, wadda yaranmu ke kira Mama. Jikokinta ne suka tambayi matata abu biyu: me ya sa rago, kuma me ya sa ba ma sayar da ko tsoka ɗaya alhali nama ya yi tsada. Tambayoyi ne da minti ɗaya ya ishe su. Ni kuwa na yi minti bakwai, kuma huɗu daga ciki sun tafi wajen tabbatar da cewa Isma'ila ne aka umarci Annabi Ibrahim ya yanka, ba Ishaƙu da babi na 22 na Littafin Farawa a Baibul ya ambata ba. Babu wanda ya tambaye ni wannan. Har yau ina kan fahimtar cewa Isma'ila ne, kuma ban ga laifin mutum ya faɗi abin da ya yi imani da shi ba. Amma da na yi adalci, da na faɗa musu cewa ayoyin Suratus Saffati da suka kawo labarin ba su ambaci sunan yaron ba, kuma Imamu Ɗabari ya rinjayar da Ishaƙu, Ibnu Kasir ya rinjayar da Isma'ila. Na san haka, na ɓoye, saboda ina son maganata ta fito ba gargada.

Sannan na ɗauki yankan tun daga kwantar da ragon har shure-shurensa. Hujjata a lokacin ita ce Habashawa ba baƙin yanka ba ne, su ma suna yanka a idinsu, kuma gaskiya ce. Abin da ban lura da shi ba shi ne jinin da mutum ya gani a tsakar gida daban yake da wanda ya cika fuskar waya, ga shi yara ne za su kalla. Ƙaramar jikar ta daina shigowa gidanmu har makonni.

Mafi muni ya zo a ƙarshe. Don bidiyon ya nuna zumunci, na ɗauki cinya a faranti, na sa yaro ya bi ni da waya, na shiga gidan Mama na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, fuskarta babu walwala. Sai daga baya matata ta ji cewa suna cikin azumin Filsata, wanda suke yi mako biyu a watan Agusta don tunawa da Nana Maryam, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Shekara shida muna maƙwabtaka ban san suna da wannan azumin ba, ban san suna barin nama a Laraba da Juma'a ba, ban kuma san cewa a ƙasarsu mahaucin Kirista daban, na Musulmi daban, yawancin masu riƙo a cikinsu ba sa cin yankan da ba nasu ba. Na tsayar da dattijuwa a gaban kyamara inda ba ta iya ƙi, ba ta kuma iya ci. Niyyata alheri ce, Allah Ya sani, kuma kyautar nama ba zagi ba ce a kowace ƙasa. Amma na tura bidiyon zaurukan WhatsApp ban nemi izininta ba, alhali a gidan akwai wanda takardun zamansa ba su cika ba, kuma fuskarsa ta fito. Ɗanta ya zo da dare ya roƙe ni in goge. Na goge nawa, wanda ya riga ya bazu kuwa ba ni da iko da shi. Daga ɓangarenmu ma wani malami ya kira ni ya tunatar da ni cewa a mazhabar Malikiyya an karhanta aika wa wanda ba Musulmi ba naman layya, ko da yake wasu malaman sun halatta. Ni kuwa na faɗa a bidiyon, kai tsaye, cewa addini ya umarce mu da haka.

Na yi niyyar jera wa yaron nan shawarwari goma, da na zauna sai na ga ba su kai ba. Na ce masa, ka amsa abin da aka tambaye ka, ka tsaya. Ka ce ranar 10 ga Zulhajji, bayan sallar idi, mai hali yana yanka dabba don tunawa da biyayyar Annabi Ibrahim da fansar ɗansa da Allah Ya yi. Ka ce a wurinmu rago sai ya cika shekara, kuma ba a layya da mai ido ɗaya, ko gurgu, ko marar lafiya, ko ramamme, domin ba a miƙa wa Allah abin da aka rasa yadda za a yi da shi. Ka ce ana ci, ana kyauta, ana sadaka, amma ba a sayar da nama ko fata, ko ladan mahauci ba a biya da su, saboda abin da aka bayar don Allah ba ya komawa kasuwa. Idan da sauran lokaci, ka kawo ma'anar aya ta 37 ta Suratul Hajji, cewa ba nama ko jini ke isa ga Allah ba, taƙawa ce. Ka faɗi duk wannan da Larabcin da kuke hira da shi a filin ƙwallo, kuma kalma irin "udhiya" kada ta wuce ba ka fassara ta ba. Ka nuna ragon da ransa, ka nuna naman bayan an gasa, wuƙa ka bar ta a waje.

Ya ce, "Kawu, ai idan babu abin da zai ja ido ba wanda zai kalla." Nan raina ya ɓaci. Yaran yanzu mutum biyar ne suka yi musu tambaya, amma mutum dubu biyar ɗin da ba su sani ba suke yi wa magana, kuma ko sharuɗɗan layyar ba su zauna sun karanta a Risala ba. Na ce masa ya bar zancen Isma'ila da Ishaƙu gaba ɗaya. Jim kaɗan kuma na ce kada ya kuskura ya ɓoye aƙidarsa don a yaba masa. Idan suka tambaya ya ce mu Isma'ila muka riƙe, ku Ishaƙu, ya wuce. Ya ce to wanne zai bi, ya bari ko ya faɗa? Na ce duka biyun, gwargwadon wanda ya fara ɗaga maganar.

Da ya tashi na ƙara da cewa kafin ya danna komai ya je ya tambayi abokan nasa ko suna cikin azumi, ko suna cin yankanmu, ko sun yarda a ga fuskarsu, kuma su fara kallon bidiyon kafin kowa. Har na ce masa ma ya ajiye wayar, ya kira su zaure ya dafa musu shayi ya yi bayanin baki da baki. Bai amsa wannan ba. Washegari na ga ya matsar da buhun dawar zuwa inuwar darbejiya, inda hasken ya fi kyau, yana ƙirga daƙiƙoƙi da yatsunsa.