Inda gyaɗa ke ɓuya a jerin abincin Zariya

Hoton ya shigo wayata da azahar: allon wani gidan abinci a Samaru, an jera abinci goma sha ɗaya da farashinsu. Wata baƙuwa da ta zo taro a Jami'ar Ahmadu Bello ce ta turo, tana so in fassara mata shi, in gaya mata abincin da ke da gyaɗa. Ba ta jin Hausa, kuma jikinta ba ya ɗaukar gyaɗa ko kaɗan, har tana yawo da allurar adirenalin a jaka.

Na fara da sa ta sake ɗaukar hoton, domin hasken rana ya cinye layuka biyu na ƙasa, kuma a irin wannan aiki ba a cike gurbi da hasashe. Daga nan na kwafe kowane suna yadda yake a allon, don ta iya nunawa da yatsa, na rubuta abin da ake yin sa da shi a gefe, sannan na yi masa hukunci ɗaya cikin uku: akwai gyaɗa, sai an tambaya, ko da wuya a samu.

A allon kaf babu inda aka rubuta kalmar gyaɗa, amma abinci biyar na sa a sahun farko. Miyar taushe da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ake kaurara ta tare da kabewa. Dambun shinkafa ana zuba masa dakakkiyar gyaɗa. Kwaɗon zogale da garin ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Tsire kuwa a cikin garin ƙuli ake birkima naman tun kafin ya ga wuta, don haka cewa a ba ta ba yaji bai raba ta da komai ba. Na biyar shi ne fate, wanda aka rubuta "Pate". Ita ta ɗauka haɗin hanta ne irin na Turai. Na bayyana mata cewa tsakin masara ne da ake dafawa da ganye kamar yakuwa ko alayyahu, kuma da yawan masu girki a Zazzau gyaɗa suke daka masa, ta narke a ciki yadda ido ba zai gan ta ba.

Inda na kusa yin kuskure shi ne masa da ƙosai. Na sa su a sahun da wuya a samu, tunda ƙullun ɗaya shinkafa ce, ɗayan wake, sai daga baya na tuna da mai. A bakinmu kusan duk farin mai man gyaɗa ne, ko na waken suya ne. Idan mai abinci ta ce da man gyaɗa take suya, ba ka san wanne take nufi ba. Man ƙuli da ake matsewa a gida ba a tace shi kamar na kamfani, sinadarin da ke tayar da ciwon yana nan a ciki, kuma zafin suya ba ya kashe shi. Dole a ga galan ɗin, a karanta abin da ke jikinsa.

Saboda haka na ce ta miƙa wa mai abincin wayar. Ban ce baƙuwa ba ta cin gyaɗa ba, domin a kunnenmu wannan zaɓi ne, sai a tsame wadda ake gani a miƙo sauran. Cewa na yi: "Hajiya, barka da aiki. Baƙuwar nan idan gyaɗa ta shiga bakinta, ko da abin da ya maƙale a ludayi ne, maƙogwaronta kumbura yake, numfashi ya tsaya. Don Allah a miyar kukar nan akwai gyaɗa, ko ƙuli, ko man ƙuli?"

"A'a ɗana, kuka ce da daddawa da manja sai nama," in ji ta. "Amma fa yajin kan teburin da ƙuli na daka shi."

Wannan yaji ba ya cikin hoton. Haka ma ludayin da ke fita daga tukunyar taushe ya faɗa ta kuka, da injin markaɗen da ya niƙa wa wata gyaɗa kafin a zuba tattasai. Na roƙi a ɗebo mata daga tukunya da wankakken ludayi, a faranti na daban. Tuwon shinkafa da miyar kuka ta ci, ba yaji.

Jerin nan na gyaɗa ne kawai. Da waken suya ne matsalarta, daddawar ce za ta zama abin tambaya, don akwai ta kalwa akwai ta waken suya, haka dunƙulen magi.

Kafin mu rabu na tura mata jimla biyu da Hausa ta adana a waya. Ta farko ita ce waccan da na faɗa wa Hajiya. Ta biyu ta ce: "Idan kun ga leɓena ya kumbura ko numfashina yana sarƙewa, allurata tana cikin jaka, a soka min a gefen cinya ta waje, a kai ni asibitin koyarwa na Shika ko mafi kusa nan take, ko da na ce na ji sauƙi."