Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Sakamakon Kiyub Ya Faɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda muka zuba kankaren filolin bene na ɗaya a ginin makarantar nan da nake duba wa inganci a Kano, to yau ga abin da ya biyo baya.

Giredi 25 aka rubuta a takardar sharuɗɗan aikin, wato bayan kwana 28 ana so kiyub, ɗan samfurin kankaren da ake matsewa a lab, ya ɗauki 25 N/mm² kafin ya fashe, kuma takardar ta ce duk sakamakon da ya gaza 22 ba a karɓa. Tun gwajin kwana 7 gabana ya faɗi don 13 muka samu, alhali a kwana bakwai kankare yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ya kamata mu ga 16 ko 17. Na faɗa wa injiniyan ɗan kwangila da baki, na kuma sa a littafin sayit. Da na kwana 28 ya fito daga lab sai ga 18.8, 19.5 da 20.2. Babu ko ɗaya da ya kai 22, dole a buɗe NCR, wato takardar da ke nuna aiki ya saɓa sharaɗi.

Akwai wani matashin injiniya da ke tare da mu, yaro mai kishin aiki wallahi, shi ya riga ni zama ya rubuto. Da Turanci ake rubutawa amma ga ma'anar abin da ya sa: ɗan kwangila ya rage siminti da gangan, aikin banza aka yi, a rushe filolin nan take. Na ce masa ƙanena zauna, a cikin maganganun nan uku wanne za ka iya kare shi da takarda a hannu? Ka ƙirga buhunan da suka shiga mikisa ranar? Ya ce a'a. To kalmar nan ta da gangan zargin ha'inci ce, kuma takardar nan ba a sayit take ƙarewa ba, fayil ɗin kwangila take shiga, in rigimar kuɗi ta taso gobe ita lauya zai fara zarowa, yana nuna ba ka da hujjar rage siminti shi ke nan ya raunana har gaskiyar da ke ciki. Maganar rushewa kuma ba hurumina ba ce ba nasa ba, ta injiniyan da ya yi lissafin ginin ce.

Abin da ya fi wuya yaran nan su gane shi ne kiyub daban fila daban. Kiyub ɗan samfuri ne mai milimita 150 ta kowane gefe, ana cika shi hawa uku ana danna kowane hawa da sandar ƙarfe akalla sau 35, washegari a cire shi daga mol a nutsa shi cikin ruwa har ranar gwaji. In lebura ya yi ganganci wajen dannawa, ko aka bar kiyub ya bushe a zafin ranar Afrilu ta Kano, zai faɗi ko da kankaren fila lafiyarsa lau. Sai dai kar wani ya ɗauki wannan a matsayin mafaka, don kiyub ɗin da aka yi daidai gata yake samu a cikin ruwa kwana da kwanaki, fila kuwa buhu kawai ake naɗa mata ana yayyafa ruwa in an tuna, galibi ma ƙarfinta bai kai na kiyub ba.

Saboda haka kafin na rubuta komai sai da na duba nauyinsu a takardar lab, duka suna tsakanin kilo 8.0 da 8.1, kiyub ɗin da ya dannu da kyau kusan haka yake, in da akwai ramukan iska a ciki da nauyin ya sauka. Lambobin uku ma suna kusa da juna, ba wanda ya yi tsalle shi kaɗai. A raina na fi zargin ruwa ne ya yi yawa, don slump ɗin da aka auna ranar zubi, wato ma'aunin laushin kwaɓin kankare, milimita 140 ne alhali an ƙayyade kar ya wuce 100. Amma zargi a raina ya tsaya, lambar na sa a takarda.

Da yamma sai ga manajan ɗan kwangila, dattijo ne na girmama shi, ya ce Injiniya don Allah a sassauta, a rubuta sakamakon ya ɗan yi ƙasa kaɗan, ana ci gaba da lura. Na ce ranka ya daɗe ba zan zage ku a takarda ba amma ba zan rubuta kaɗan ba, don tsakanin 19.5 da 25 ya wuce kashi ashirin cikin ɗari, kuma yaran mutane ne za su zauna a ƙarƙashin dekin nan. Wannan laushin ya fi zafin yaron can ba ni tsoro, saboda duk wanda ya karanta ana ci gaba da lura zai ɗauka an ba shi izinin ɗora dekin.

Ga yadda na tsara tawa. Na fara da sharaɗi, giredi 25 da lambar sashen da ya faɗe shi. Sai abin da aka samu, lambar kowane kiyub, ranar zubi, ranar gwaji, nauyi da ƙarfi, na liƙa takardar lab a baya. Sai wurin da abin ya shafa, filoli takwas na layin C da D a bene na ɗaya, wannan na da muhimmanci sosai don in ka rubuta kankaren ginin kawai to ka jefa duk ginin cikin shakka har da inda ba ruwansa. Daga nan jimla guda a miƙe, sakamakon bai cika sharaɗin kwangila ba. Ban ce filolin ba su da ƙarfi ba, ba a gwada su ba tukuna. Sai matakin gaggawa, kar a ɗora wani nauyi a kan filolin nan takwas har sai an rufe takardar. A ƙarshe na nemi ɗan kwangila ya kawo bayanin dalili da shawarar gyara a rubuce cikin kwana biyar. Gurbin dalili na bar shi fari, nasu ne su cike. Ba sunan fomen, ba sunan mai mikisa, kamfani ake rubuta wa.

Manajan ya karanta sau biyu ya sa hannu ba gardama. A amsarsu suka nemi a buga hamar gwaji a jikin filolin, na ce a buga a kwatanta da filolin ƙasa da suka ci gwaji, amma hamar nan taurin fatar kankare kawai take ji, ba za ta rufe NCR ba. Aka tsaya a kan za a huda a ciro kankare daga filoli uku bayan an nemo inda rodi yake don kar a yanke shi, sannan a kai wa injiniyan lissafi ya duba ko ƙarfin da aka samu zai ɗauki nauyin da ke kansu. Sakamakon hudar da hukuncin da ya yanke sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.