"Babban likita ne ya faɗa": abin da gubar dalma ta koya mini

A daminar 2010 ina sabon ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Anka, jihar Zamfara. Wata ranar kasuwa wani magidanci ya shigo da 'yarsa a kafaɗa, ba ta wuce shekara uku ba, tana jijjiga, idanu sun kakkafe. Na yi mata gwajin zazzaɓin cizon sauro, layi biyu suka fito. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai na hau tudun da ake samun sabis na kira wani ƙanin mahaifiyata, babban likitan ƙashi a birni. Na ce masa yarinya ce, ga jijjiga, ga sakamakon gwaji. Ya ce zazzaɓin ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, a fara allura maza, a tura ta babban asibiti.

Allurar muka yi, jijjigar ta lafa. Da uban ya tambaye ni ko akwai wani abu bayan wannan, sai na ce masa, "Baba, kwantar da hankalinka, babban likita ne ya faɗa." Shi ke nan na rufe masa baki. Ganin ta farfaɗo, bai ma kai ta gaba ba. Kafin mako biyu ya dawo da ita, ta fi da rauni.

Akwai wata dattijuwar ungozoma da muke aiki tare, muna ce mata Inna. Ita ta ja ni bayan ɗakin magani ta ce, "Ɗana, shi kawun naka ya ga yarinyar?" Na ce a'a. "Ka gaya masa a tsakar gidansu ake daka dutsen zinari?" Nan ma a'a. Ta ce, "To ai ba shi ya faɗa ba. Kai ka faɗa, ka ari bakinsa."

Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Kawu bai yi kuskure a kan abin da na ba shi ba. Duk likitan da aka ce masa yaro na jijjiga da damina kuma gwaji ya nuna ƙwayar zazzaɓi, abin da zai ce ke nan. Amma da damina yaran ƙauye da yawa suna ɗauke da ƙwayar a jini, don haka layi biyu ba sa kore wata cutar. Ni na tace labarin kafin ya isa kunnensa, sannan na ɗauko muƙaminsa na ɗora a kan hasashena. Uban yarinyar kuwa da farko wurin wani malami ya je aka ce masa iska ce, kuma na yi masa kallon jahili a raina. Alhali hujjata da tasa uwa ɗaya uba ɗaya: wane ya ce, wane kuwa babba ne.

A lokacin an riga an gano abin da ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara lura da yawan mace-macen a farkon shekarar, kuma yaran da suka rasu sun kai aƙalla 400. Dutsen da ake haƙowa don zinari cike yake da dalma. Ana kawo shi gida a daka a turmi ko a niƙa a injin hatsi, ƙurar ta zauna a ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki.

Muka kai yarinyar inda ake gwajin jini a Anka. Mai gwajin matashi ne, ba Dakta a gaban sunansa. Abin da ya fara yi shi ne wanke mata hannu da sabulu sosai, ya ce ƙurar da ke kan yatsa kaɗai tana iya sa sakamako ya haura na ƙarya. Na'urar ba ta ba da lamba ba, ta rubuta `High`. Ya bayyana mini cewa iyakar abin da take iya karantawa maikirogiram 65 ne a kowace desilita ta jini, alhali daga 45 ake fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma, wato DMSA. Bai tsaya nan ba, ya ce sai an tabbatar da jinin jijiya, ba na yatsa ba. Da na tambaye shi ko yarinyar za ta warke sarai, sai ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, tambayi likitan da ke ɗakin yara."

Wannan amsar ce ta sa na yarda da duk sauran abin da ya faɗa. Ya auna da hannunsa, ya nuna mini inda awon zai iya yaudararsa, ya faɗi yadda za a sake dubawa, kuma ya san inda gonarsa ta ƙare. Da zan ce wa uban "mai gwaji ya ce," akwai abin da ke ƙarƙashin maganar wanda ko an cire sunan mai gwajin zai tsaya da ƙafarsa. A maganar kawu kuwa, in ka zare "babban likita," ba abin da ya rage sai kiran waya na minti biyu.

Wani zai ce, to ita lamba 45 ɗin, kai ka binciko ta? A'a, kuma har na mutu ba zan iya ba. A nan dole na jingina da masana, kuma ban ga aibu a ciki ba. Ba mai iya auna komai da kansa. Amma waɗanda na jingina da su fanninsu ke nan, ba mutum ɗaya ba ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, duk a kan wannan mizanin suke. Wani abin da ya ƙara mini natsuwa daga baya shi ne suna sauya magana idan hujja ta sauya. Matakin da CDC ke fara damuwa da jinin yaro a da 10 ne, a 2012 ta mayar da shi 5, a 2021 ta sake saukar da shi zuwa 3.5. Na ji masu cewa wannan alamar rashin sani ce. Ni a wurina wanda bai taɓa gyara maganarsa ba shi ne abin tsoro. Mu da muka yi makarantar Islamiyya ma ai mun san ba a karɓar hadisi don rawanin mai ruwaya. Sai an tambayi daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, yaya haddarsa take.

Akwai kuma wurin da ƙwararren ya zama shi uban yarinyar. Da aka zo batun tsabtace gida, domin ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa shi ciwo, masu na'urar auna ƙasa sun san adadin dalma, amma shi ya san inda turmi ya zauna shekara biyu, da lungun da ake shanya garin dutse, da buhunan da aka zuba dutse a ciki daga baya aka mayar na gero. A kan wannan shaidarsa ta fi ta kowane farfesa. A kan ko dalma ce ko iska, ba ta da nauyi ko na ƙwayar gero.

A daren ranar da aka yi gwajin na sake hawa tudun na kira kawu, wannan karon na ba shi labarin duka, har da turmin. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai, me ya hana ka gaya mini tun farko? Ni gubar dalma rabona da ita tun muna ɗalibai. Ka bi abin da mutanen Anka suka ce, kuma ka daina yawo da sunana." Washegari na tafi gidan da faretani da kwano, aka fara kankare ƙasar tsakar gida daga gindin turmin.