Doron rufina ya miƙe, bayan na gano inda ya saki

Jiya da yamma na sake ja igiya a kan doron rufin ɗakin aikina, kuma a karon farko cikin shekara uku igiya da katako suka tafi tare. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa, don lotsawar da tsakiyarsa ya yi ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Faɗin ɗakin mita 4 ne, tsawonsa mita 6. Firam shida masu kusurwa uku na ɗora, tazarar mita 1.2 tsakaninsu. Da tsakiyar doron ya sauka da santimita 4, tazarar na fara zargi, har na ɓata kwana biyu ina cusa ƙarin rafta. Ko gezau. Raftocin a miƙe suke, ban dai duba su da kyau ba.

Tef ne ya tona asirin. Na auna daga ƙafar rafta zuwa ta 'yar'uwarta: a gefe mita 4 cif, a firam biyun tsakiya kuwa an ƙaru da santimita 3. Ashe ƙafafun ne suka buɗe. Nauyin da ke kan rafta ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura ƙafarta waje, kuma katakon kwance na ƙasa shi ke riƙe da ita. Ni kuwa ƙusa bibbiyu kawai na buga a wannan mahaɗar, a ɗanyen katako. Da ya bushe ya tsuke, bakin ya tsage, ƙusoshin suka yi ta zamewa a hankali. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rufin ba shi da tsini sosai, gangararsa wajen digiri 20 ce. A irin wannan turin ya fi ƙarfi, kuma zamewar santimita ɗaya da rabi a kowace ƙafa ta isa ta sauke doro da 4.

Na tokare doron da jak, ina ɗagawa kaɗan-kaɗan cikin kwana huɗu. Katakon da ya shekara a danne ba ya son gaggawa, tsagewa zai yi. Ina ɗagawa ina janyo ƙafafun ciki da bel mai ɗaurewa. Da awo ya koma daidai, na manna falankin filawud a fuska biyu na kowace mahaɗa, na ratsa da bol mai kaurin milimita 12, da washa da noti, nesa da bakin katakon.

A nan ne kuma na lura firam ɗaya ya ɗan jingina gefe, don ban taɓa sa tokari ba. Katakan da ake buga kwano a kansu suna riƙe tazara ne kawai, duka firam ɗin na iya kwantawa tare. Na buga dogon katako a karkace ta ƙarƙashin raftoci, daga ƙafa zuwa doro, a kowane ɓangare.

Saura katakon kwance guda da ya yi ciki saboda nauyin silin. Wannan lanƙwasar ta zauna masa, jak ba zai fitar da ita ba. Gobe zan jera masa wani a gefe, a tsaye bisa kaifinsa.