Mun sa miliyan 45, ya taya 30

Gidan na gado ne, a wajen Rijiyar Zaki a Kano, ni magada suka wakilta in tsaya a kan cinikinsa. Mun sa masa naira miliyan 45. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo ya zaga, ya leƙa ko'ina, ya aiko dillali da tayin miliyan 30. Yayana yana jin haka ya ce a ce masa albarka kawai, a rufe maganar. Ni ban ga haka ba, domin wanda ya zo da ƙafarsa, ya dawo da magini ya hau saman rufi, saye yake son yi. Ƙasa ya fara ne ya ga ko muna cikin matsi, kuma kowa ya san gidan gado ake yi wa wannan kallo.

Kafin in ba da amsa sai da muka zauna muka tsayar da abin da zai shigo hannunmu, ba abin da za a ambata a bakin shaidu ba. Magada suka amince kada ya gaza miliyan 39. La'adar dillali a ɓangarenmu kashi 5 cikin ɗari ce, don haka sai an sayar a miliyan 41 kafin kusan 39 ta rage mana. Wannan adadin bai fita daga ɗakin ba. Ko dillalinmu ban gaya masa ba, domin duk ƙarshen farashin da dillali ya sani, nan ciniki zai tsaya.

Sai na ce wa dillalin ya tambayo mini dalilin 30 ɗin. Ya dawo da abu uku: kwanon sashen baya yana yoyo, akwai 'yan haya a ciki, kuma wai an sayar da wani gida a layin baya miliyan 33. Wannan tambayar ita ta fi komai amfani, don ta raba mini ƙorafin da za a iya auna shi da kuɗi da wanda jan ciniki ne kawai. Na kira kafinta ya ƙiyasta kwano da katako da silin da kuɗin aiki, ya kama kusan miliyan 2, ya rubuta a takarda. Gidan layin baya kuwa na bi ta wurin mai unguwa, sai ga shi rabin fuloti ne, takardarsa ta cinikin hannu ce kawai, namu kuwa cikakken fuloti da takardar shaidar mallaka ta gwamnati.

Amsar da na mayar a rubuce take, shafi ɗaya, domin magana idan ta bi ta bakin dillalai biyu ba ta isa yadda ta tashi. Na fara da gode masa. Na ce mun yarda rufin yana buƙatar gyara, ga ƙiyasin kafinta, mun cire miliyan 2 saboda shi: miliyan 43 idan zai biya gaba ɗaya cikin mako biyu. Idan kuma kuɗinsa na cikin kaya, to miliyan 44, ya ba da 30 yanzu, 14 bayan wata uku, takardu da makulli suna hannun lauya har ya cika. Na ce wannan magana tana nan zuwa Juma'a mai zuwa, bayan haka ba ta ɗaure mu ba. Ƙarin miliyan ɗaya na jinkiri ba son rai ba ne. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗin da za a ba ka bayan wata uku ba zai sayi simintin da zai saya yau ba. Malamin da muka tuntuɓa ya ce babu laifi a ambaci farashi biyu a lokacin tayi, amma dole a tsayar da ɗaya kafin a sallama, kada a tashi a kan "ko wannan ko wancan".

Alhajin ya hau zuwa 36. A nan dillalinmu ya zo da maganar da na san za ta zo.

"Yallaɓai, a raba ta kawai. Kai 43, shi 36, a tsaya 39 da rabi, kowa ya huta."

Rabawa tana kama da adalci, amma tsakiyar tana bin inda kowa ya fara ne. Wanda ya fara daga can ƙasa ya riga ya jawo tsakiyar wajensa. Da tun farko na amsa rabawa tsakanin 45 da 30, da 37 da rabi za mu tashi. Sannan a duba lissafin dillali. Tsakanin 39 da rabi da 41 da rabi, abin da zai ƙaru a la'adarsa daga wurinmu dubu 100 ne, mu kuwa miliyan ɗaya da dubu 900 ne. Ba mugunta yake yi ba, shi a ƙulla cinikin yau ya fi masa. Na ce masa, "Malam, ba na raba abin da ban san tushensa ba. Ya faɗi abin da zai ɗauke mana, in rage masa daidai da shi."

Daga nan ban sake sauka kyauta ba, kuma kowace sauka ta fi ta baya ƙanƙanta. Na rage miliyan ɗaya a kan ya karɓi gidan da 'yan hayar a ciki har wa'adinsu ya cika, mu kuma mu miƙa masa kuɗin hayar watannin da suka rage. Wannan ya hutar da mu da ba da notis da jiran mutane su sami wurin komawa. Na ƙara rage dubu 500 a kan shi zai biya lauyan da zai rubuta takardar ciniki, da kuɗin neman amincewar gwamna wadda dokar filaye ta 1978 ta wajabta kafin a mayar da mallaka zuwa sunan wani. Ya ga 2, ya ga 1, ya ga rabi, ya gane an zo bango ba tare da na ce masa wannan ne ƙarshe ba.

Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar a turo mutum ya yi tayin ƙarya a gabansa don ya ji tsoro. Ban yi ba. Haramun ne a shari'a, kuma dillalan unguwa ɗaya duk sun san juna, kafin la'asar labarin ya kai masa.

Mun sallama a miliyan 41 da rabi: 35 a take ta banki, 6 da rabi cikin mako shida. Bayan la'ada, miliyan 39 da dubu 425 suka rage, daga ciki muka cire ragowar kuɗin hayar muka ba shi.

Inda aka ɗan ja shi ne kafin alƙalami. Alhajin ya ajiye miliyan 2 daga cikin kuɗin ranar da aka sallama, lauya ya so a rubuta cewa idan ya fasa, kuɗin sun zama namu. A mazhabar Malikiyya ba a yarda da cinye irin wannan kuɗi ba, magada kuma ba su so abin shubuha ya shiga rabonsu. Sai aka rubuta cewa idan ya fasa, ko wa'adin cikon ya wuce da mako biyu, cinikin ya warware, za mu mayar masa da duk abin da ya bayar bayan mun sayar wa wani ko cikin wata uku, duk wanda ya riga. Asalin takardun suka zauna a wurin lauya, Alhajin kuma aka ba shi kwafi ya je ya bincika a hukumar filaye. Ranar da cikon ya shiga asusu, a gaban mai unguwa da shaidu biyu daga kowane ɓangare, dukan magada suka sa hannu, har da ƙanwarmu da ke aure a Zariya, wadda Alhajin ya dage sai ta zo da kanta.